Biyar cikin goma: yadda layin dalili ya nuna mini inda ɗalibata ke tuntuɓe a cike gurbi

Ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, a Jihar Jigawa. Abin da zan ba da labari ya faru ne a zango na biyu, cikin hunturu, da 'yan aji uku waɗanda ke shirin jarrabawar fita. Darasin kuwa shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan da ake kira firifozishan, irin su *in*, *on*, *at*, *for* da *with*, waɗanda ake cirewa daga jimla a bar gurbi, a ce yaro ya cike.

Na yi shekaru ina ba da wannan aiki kamar yadda aka ba ni shi ina yaro: jimla goma a allo, yara su kwafa su cike, ni kuma in bi da jan biro ina ba da maki. Abin da ya dame ni shi ne, yaron da ya ci takwas yau sai ya ci huɗu a mako mai zuwa, alhali kalmomin ba su canza ba. Sai na yanke shawarar ƙara abu ɗaya. Na ce kowa ya ja layi a gefen dama na takardarsa, kuma a gaban kowace amsa ya rubuta dalilin da ya sa ya zaɓe ta, a taƙaice. Na yarda a rubuta dalilin da Hausa, domin tunanin yaro nake son gani, kuma da Hausa yake yin sa.

Ga jimlolin da na rubuta a allo ranar:

1. *Jigawa State was created ___ 1991.*
2. *My father goes to Maigatari market ___ Thursday.*
3. *The lesson starts ___ eight o'clock.*
4. *We fetch water ___ the morning.*
5. *The dogs bark ___ night.*
6. *She has lived in Ringim ___ three years.*
7. *He cut the rope ___ a knife.*
8. *I come to school ___ foot.*
9. *The goat fell ___ the well.*
10. *She is afraid ___ snakes.*

Da daddare na zauna a tabarma da fitilar waya ina duba littattafan. Takarda biyu ne suka tsayar da ni. Ta farko ta wani yaro ce da ya ci takwas. Amsoshinsa sun yi kyau, amma layin dalili kusan wayam yake. A wuri uku ya rubuta "ya fi daɗin faɗa", a wuri ɗaya ya rubuta "haka na ji", sauran kuma ya bar su. Ta biyu ta wata yarinya ce mai zama a bencin tsakiya, wadda ba ta cika ɗaga hannu ba. Biyar ta ci. Amma ta cike layin dalili tun daga sama har ƙasa, da ƙananan haruffa a matse, har biro ya kusa huda takardar. A kanta wannan nazari zai tsaya, domin takardarta ce ta koya mini abin da jan biro ya daɗe yana ɓoye mini.

Ta ci ta ɗaya da ta uku da ta huɗu da ta bakwai da ta goma. A jimla ta huɗu ta rubuta *in*, wanda daidai ne, dalilinta kuma shi ne: "da safe, *in* shi ne da." Da ta zo ta biyar sai ta sake rubuta *in*, ta ce: "da dare, kamar ta sama." A ta bakwai ta rubuta *with*, ta ce: "da wuƙa." A ta takwas ma *with* ta rubuta, ta ce: "da ƙafa." A ta shida ta sa *since*, ta ce: "tun shekara uku." A ta biyu ta sa *in*, ta ce: "lokaci ne, kamar ta ɗaya."

Duk wanda ya karanta wannan zai ga yarinyar ba canki-canka take yi ba. Tana da ƙa'ida, kuma tana bin ta sau da ƙafa. Takan mayar da jimlar Hausa a zuciyarta, ta nemo ƙaramar kalmar da Hausa ta sa a wurin, sannan ta nemo mata takwara a Turanci. Inda harsunan biyu suka yi daidai sai ta ci, inda suka saɓa sai ta faɗi. Amsarta ta huɗu, wadda na ba ta maki a kai, daga kuskure ɗaya ta fito da amsarta ta biyar wadda na soke. Da ban nemi dalili ba, da na ɗauka ta san ɗaya ta manta ɗaya.

A nan gizo ke saƙar, kuma ya kamata duk malamin da ke koyar da yaran Hausawa ya tsaya ya dube shi da kyau. Mu da Hausa muna cewa da safe, da dare, da ƙarfe takwas, da damina, da wuƙa, da ƙafa. Kalma ɗaya ce tal, "da", take ɗauke da duka. Bature kuwa ya rarraba wannan kaya ga kalmomi dabam-dabam: *in the morning*, *at night*, *at eight o'clock*, *in the rainy season*, *with a knife*, *on foot*. Haka "a" take. Muna cewa a gida, a Kano, a ƙasa, a watan Agusta, shi kuma ya ce *at home*, *in Kano*, *on the ground*, *in August*. Wani wurin ma Hausa ba ta sa komai, kamar "zan zo ranar Alhamis", inda Turanci yake buƙatar *on*. Yaron da ya dogara da fassara kamar wanda aka ba makulli ɗaya ne aka ce ya buɗe ɗaki biyar.

Washegari bayan an tashi tara na kira ta gindin darbejiyar da ke bakin ofis. Ta zo ta durƙusa, idonta a ƙasa, da alama ta ɗauka faɗa za a yi mata. Na ce, "'Yata, tashi ki zauna. Aikinki ya fi na kowa amfani a wurina." Na nuna mata ta huɗu da ta biyar, na ce ta karanta mini dalilanta. Ta karanta, sannan ta ce, "To Malam, ai duk lokaci ne. Me ya sa safiya za ta samu *in*, dare bai samu ba?" Na ce mata tambayarta tana kan hanya, amma sai mun fara da abin da ke da ƙa'ida kafin mu zo ga abin da ya kauce mata.

Abin da na koya mata, wanda daga baya na koya wa ajin duka, mataki biyu ne. Na farko, ka dubi abin da ke gaban gurbin, wato kalmar da ta biyo shi, ka tambayi kanka ko lokaci ne ko wuri ne ko kayan aiki ne. Na biyu, idan abin da ke gaba bai ba ka amsa ba, sai ka waiwaya ka dubi kalmar da ke bayan gurbin, wadda ta zo kafin shi. Yara suka riƙe shi da cewa "dubi gaba, sannan dubi baya". Kuma doka ce a ajina cewa dalili ya ambaci kalmar Turanci da ke cikin jimlar. Idan dalilin ya tsaya ga fassarar Hausa kawai, ban karɓa ba.

Mun fi daɗewa a kan lokaci, domin shi ne ya fi fitowa a jarrabawa kuma shi ne ya fi bin ƙa'ida. Na aiki wani yaro gidan maƙwabta ya aro ƙwarya da faifai, na tsinci tsakuwa a bakin aji. Na jefa tsakuwar cikin ƙwarya, na ce wannan *in* ne, abu ya shige cikin wani abu mai faɗi da ya kewaye shi. Shekara da wata da damina haka suke, kwanaki da yawa ne a cikinsu, shi ya sa ake cewa *in 1991*, *in August*. Na ɗora tsakuwar a kan faifai, na ce wannan *on* ne, kuma shi ake ba rana guda, ko da sunanta aka kira ta ko da kwanan wata. Sannan na ɗiga alli a allo, ɗigo ɗaya, na ce wannan *at* ne, daidai inda hannun agogo ya tsaya. Na gaya musu ƙwarya da faifai taimakon tunawa ne kawai, ba su ne asalin yadda Turanci ya samu waɗannan kalmomi ba.

Misalin da ya fi zauna musu shi ne na jiharmu. An ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Na rubuta abin sau uku a allo, da gurbi a kowanne: *___ 1991*, sai *___ August 1991*, sai *___ 27th August, 1991*. Biyun farko *in* ne, na uku *on* ne. Abu ɗaya ne ya faru, shekarar ma ɗaya ce, amma da zarar an ambaci ranar sai kalmar ta canza. Na sa suka gwada da samun 'yancin kan Nijeriya, suka rubuta *in 1960* da *on 1st October, 1960*, kowa da dalilinsa a gefe: "*1960* shekara ce", "*1st October* rana ce". Daga nan jimlar kasuwar Maigatari ta warware kanta. Yarinyar ta goge dalilinta na da, ta rubuta: "*on*, domin *Thursday* rana ce." Dalili ke nan da ya cika. Bai wuce kalma biyar ba, ya nuna kalmar da aka duba, kuma ya faɗi irinta.

Sai muka koma ga tambayarta ta dare. Safiya da rana da yamma suna ɗaukar *in*: *in the morning*, *in the afternoon*, *in the evening*. Dare kuwa, idan ana nufin dare gaba ɗaya, *at night* ake cewa, ba tare da *the* ba. Ban ƙirƙiro mata wata hikima ba, domin idan malami ya ƙaga dalili don ya rufe bakin yaro, yaron zai ɗauki dalilin ya kai shi inda zai kayar da shi. Na ce mata haka masu harshen suka saba faɗa, a haddace shi. Amma na nuna mata alamar da za ta cece ta a takarda: a jimla ta huɗu akwai *the* a gaban gurbin, a ta biyar babu. Dalilin da na karɓa shi ne: "*at night*, tare suke zuwa, babu *the*."

Jimla ta shida ta ɗauke mu kwana biyu. Hausa tana barinka ka ce "tun shekara uku da suka wuce take Ringim", don haka yaro yakan ga *three years* sai "tun" ta faɗo masa, ya rubuta *since*. Amma a Turanci *since* tana son inda aka fara, *for* kuma tana son tsawon lokacin da aka ɗauka. Gwajin da na ba su shi ne su yi wa abin da ke gaban gurbin tambaya biyu. Idan ya amsa "yaushe aka fara?", kamar *2020* ko *Monday* ko *last year*, to *since* ce. Idan ya amsa "tsawon wane lokaci?", kamar *three years* ko *two days*, to *for* ce. Wani yaro ya taƙaita shi da cewa duk inda aka ƙirga, *for* ce. Na ce ya kusa, amma ya yi hattara, domin *since three o'clock* ma akwai lamba a ciki, sai dai lambar agogo ce, ba ƙirgen awoyi ba. Wannan gyara ba zai samu ba sai da yaron ya furta dalilinsa a fili.

Batun wuƙa da ƙafa bai ɗauki lokaci ba. Abin da ka riƙe ka yi aiki da shi *with* ne. Abin hawa kuwa, idan an ambace shi tsurarsa, *by* ne, kamar *by bus* da *by bicycle*, mai tafiya a ƙasa kuma *on foot*. Akan ji wasu suna cewa *by foot*, amma *on foot* ita ce wadda mai duba jarrabawa ke jira.

Jimla ta goma ita ce ta buɗe mataki na biyu. Yarinyar ta ci ta, amma dalilinta shi ne "na taɓa gani a littafi". Idan ka dubi gaban gurbin, *snakes* za ka gani, kuma maciji ba lokaci ba ne, ba wuri ba ne, ba kayan aiki ba ne. Sai ka waiwaya baya ka ga *afraid*. Wannan kalma ba ta tafiya sai da *of*, kamar yadda *listen* ke tafiya da *to*, *interested* da *in*, *depend* da *on*. Muka sa wa irin waɗannan suna "abokiyar tafiya", dalilin kuma yakan zama: "*of*, abokiyar *afraid*." A nan fahimta ba ta isa ba, sai hadda. Na sa kowa ya ware shafin ƙarshe na littafinsa, duk ranar Litinin mu ƙara biyar, kowacce da jimlarta, ba kalma tsura ba. Biyar a mako ta fi talatin a rana ɗaya, domin na ga yadda dogon jeri ke cakuɗewa a kan yaro har ya rasa wadda ya sani tun farko. Na kuma ja kunnensu a kan wurin da Hausa ke yaudara. Muna cewa ya yi fushi da ni, kuma *angry with* daidai ne. Amma wanda ya bi wannan hanya ya rubuta *married with him* ya faɗi, domin *married to* ake cewa.

Ta tara kuwa ni ta gyara. Yarinyar ta rubuta *in*, dalilinta "cikin rijiya", ni kuma na soke domin *into* nake nema. Ƙa'idar a fili take: idan akwai motsi daga waje zuwa ciki, *into* ta fi dacewa, idan abu yana zaune a ciki kuma *in* ce. Akuyar da ta faɗa rijiya *fell into the well*, wadda take ciki tana kuka *is in the well*. Amma a maganar yau da kullum masu harshen sukan ce *fell in*, ba wanda zai ce sun yi kuskure. Na koma na ba ta rabin maki, na faɗa wa ajin dalili, na kuma ce a jarrabawa idan an jera su biyun a zaɓi, su ɗauki *into*. Tun daga ranar nake karanta kowace jimla sau biyu kafin in sa ta a allo, ina tambayar kaina ko gurbin zai karɓi amsa fiye da ɗaya. Jimla irin *He arrived ___ time* tana karɓar *on*, wato daidai lokacin da aka tsayar, tana kuma karɓar *in*, wato kafin lokaci ya ƙure. Idan na ba da irinta, dalilin ne kaɗai zai raba mai gaskiya da mai sa'a.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba. Wani dattijon malami da muke aiki tare, wanda ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba, ya same ni a ofis ya ce, "Malam, a jarrabawa fa ba a tambayar dalili. Zaɓi huɗu ake bayarwa a ce ka ɗauki ɗaya. Kuma kana barin Hausa a littafin Turanci." Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, kuma aikin yana cin lokaci." Ban ɓoye masa ba, domin littattafan da nake gamawa cikin rabin awa sun koma cin fiye da awa guda. Dole na rage jimlolin daga goma zuwa shida, kuma sau ɗaya a mako nake neman dalili a rubuce, sauran ranaku da baki ake faɗa. A kan Hausa kuwa mun tsaya a tsakiya: mako biyu na farko da Hausa, daga nan a koma gajeren Turanci, kalma ɗaya ko biyu, kamar *day* ko *year* ko *clock time*. Na ga amfanin shawararsa, domin gajeren dalili ya fi saurin zuwa wa yaro a ɗakin jarrabawa.

Akwai kuma wata matsala da ta taso a mako na uku. Wasu yara suka gano cewa "abokiyar tafiya" dalili ne mai sauƙi, sai suka riƙa rubuta shi a kowane gurbi. Alamarsa ita ce ba sa faɗin abokiyar wace kalma ce. Na ce daga yau duk wanda bai ja layi a ƙarƙashin kalmar da yake nufi ba, bai ba da dalili ba. Yaron nan da ya ci takwas shi ya fi shan wahala a nan. Kunnensa yana da kyau, yana yawan sauraron rediyo wajen yayansa, amma da na ba shi jimlar da bai taɓa jin irinta ba sai ya tsaya cak. Makinsa ya sauka kafin ya sake hawa, kuma sai da na zaunar da shi na ce, "Samari, kunnenka ba laifi ba ne, so nake ya samu mataimaki."

Bayan mako huɗu na sake gwada su da sababbin jimloli goma, babu ko ɗaya daga na farko. Yarinyar ta ci takwas. Na saka wata jimla da gangan wadda ban koya musu irinta ba: *We shall meet ___ Friday night.* Rabin ajin suka ga *night* suka rubuta *at*. Ita ta rubuta *on*, kuma duk da mun koma gajeren Turanci, a nan Hausa ta yi: "akwai *Friday*, rana ta fi ƙarfi, kamar 27 ga Agusta." Daidai ne, domin haka ake cewa *on Monday morning* ma, duk da *in the morning*.

Biyun da ta faɗi duk na mataki na biyu ne. Ta rubuta *good in football* a maimakon *good at*, ta kuma rubuta *congratulated him for his success* inda littafin jarrabawa ke son *on*. A gefen ta farko ta ja layi a ƙarƙashin *good*, ta rubuta: "Malam, na dubi baya, amma ban san abokiyarta ba." Na ɗauki biro na rubuta mata *good at* da jimla ɗaya a ƙasa, sannan na buɗe littafin shirin darasina na sa *good at* da *congratulate on* a saman biyar ɗin da za mu ƙara ranar Litinin.